Amsoshin Tambayoyinku: Littafin Minit Ɗaya Zai Ishi Zama Iri Uku?

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari a Jihar Katsina, kuma muna da rajista da hukumar CAC. Littafi ɗaya gare ni, a cikinsa nake rubuta duk zaman da aka yi, na babban taro ne, na shugabanni ne ko na ƙananan kwamitoci, kuma salo ɗaya nake bi. Bara Allah ya yi wa ɗaya daga cikin amintattunmu rasuwa, shugabanni suka zauna suka zaɓi wanda zai maye gurbinsa, na rubuta, shugaba ya sa hannu. Da muka kai wa lauya don ya shigar da canjin sai ya ce takardar ba za ta yi ba, wai ba ta babban taro ba ce. Yanzu kuma ga rigima a kan rijiyar burtsatse da za mu haƙa: wasu mambobi na cewa kwamitin ruwa ya ba da kwangila babu izini, alhali a littafina na rubuta “an amince”. Don Allah mene ne bambancin minit ɗin kwamiti da na shugabanni da na babban taro?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya jiƙan mamacin, ya sa ya huta. Lauyanku ya yi gaskiya, su ma mambobin da ke ƙorafi a kan rijiya suna da abin faɗa, kuma matsalolin nan biyu tushensu ɗaya. Abin da ya raba minit ɗin nan uku ba tsawon rubutu ba ne, ba kuma kyawun salo ba. Iko ne. Kowane zama yana da iyakar abin da zai iya yankewa, aikin minit kuwa shi ne ya nuna wa wanda bai halarta ba cewa waɗanda suka yanke hukuncin su ne masu hurumin yanke shi, sun cika adadin da ake buƙata, kuma sun bi hanya. Da ka rubuta “an amince” a ƙarƙashin zaman kwamitin ruwa, ka ba kwamitin ikon da ba nasa ba ne, ko da kuwa ba haka ka nufa ba.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin daga nan ne tsarin ya samo asali. Ƙungiyoyi irin taku, na ci gaban gari, na tsofaffin ɗalibai, na masallatai da majami'u, na ’yan kasuwa, yawanci amintattunsu ake yi wa rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, daga sashe na 823 zuwa na 850. Amintattun nan su ne doka ta sani a matsayin masu riƙe dukiyar ƙungiya. Da sunan da ke kan takardar shaidarku ake mallakar fili, da shi ake kai ƙara, da shi ake kawo ƙararku. Sashe na 836 ya ba ƙungiya damar naɗa majalisar gudanarwa, wadda ya ce amintattun za su kasance a cikinta, a ɗora mata harkokin yau da kullum. Sashe na 837 kuma ya ce amintattu za su yi amfani da ikonsu ne bisa umarnin ƙungiya ko na majalisar nan. Ka ga ke nan matakala ce: mambobi a babban taro su ne a sama, majalisa tana aiki da abin da suka ba ta, ƙaramin kwamiti kuma yana aiki da ɗan abin da majalisa ta gutsuro masa.

A nan akwai abin da ya kamata ka duba tun kafin ka taɓa alƙalami. A garuruwanmu ana yawan samun kwamitin amintattu na dattawa a gefe guda, waɗanda ba a ganinsu sai ranar babban taro, ga kuma kwamitin zartarwa na shugaba da sakatare da ma'aji a ɗaya gefen, kowa yana ganin shi ne shugabanci. Idan haka taku take, zamansu biyu ne daban, kuma kowanne na buƙatar nasa rubutu. Kundin tsarin mulkinku ne zai gaya maka wane ne ke da hurumin me, domin sashe na 827 ya wajabta wa kundin ya bayyana yadda ake naɗa amintattu da maye gurbinsu, yadda ake taruka, da ikon majalisar gudanarwa, da yadda ake fitar da kuɗi. Wannan ɓangare na dokar bai zayyana wa sakatare yadda zai tsara minit layi-layi ba. Shi ya sa kundinku ne abin da za ka ajiye kusa da littafin, a buɗe.

To, minit ɗin babban taro. Shi ne mafi nauyi, kuma abin mamaki shi ne ya kamata ya fi ƙarancin surutu. Wanda zai karanta shi sau da yawa baƙo ne: ma'aikacin hukumar rajista, ma'aikacin banki, mai binciken kuɗi, wani lokaci alƙali. Baƙon nan ba ya son sanin wanda ya yi dogon jawabi a kan tarihin gari. Tambayoyinsa kaɗan ne, kuma masu tsauri. An kira taron yadda kundi ya ce? Kwana nawa aka ba da sanarwa, ta wace hanya? Batun da aka yanke yana cikin ajandar da aka aika wa mambobi? Mutum nawa suka zo, sun kai adadin da zama ke halatta da shi? Wane lafazi ne ƙudurin, kuma ƙuri'a nawa ya samu? Ba ni na ƙirƙiro wannan tsauri ba. Tun ranar neman rajista, sashe na 825 ya buƙaci a haɗa da minit ɗin taron da ya naɗa amintattu, mai sa hannu, wanda ya nuna mutanen da suka halarta da ƙuri'un da aka samu. Idan ka binciko fayil ɗin rajistarku za ka ga irin takardar, ita ce samfurin da za ka riƙa kallo.

Yanzu ga dalilin da lauya ya mayar maka da takarda. Sashe na 834 ya ce ƙungiyar da ke son maye gurbin amintacce ko ƙara wani, za ta yi haka ne ta hanyar ƙuduri a babban taro, sannan ta nemi amincewar hukuma. Bayan haka a buga sanarwa a jaridu, a ba da kwana 28 ga duk mai ƙorafi. Sashe na 835 kuwa ya ce canjin da ya saɓa wa wannan hanya ba shi da inganci. Shugabanninku suna iya zama su tattauna, su ce wane ya dace, babu laifi. Amma abin da suka yi shawara ce da za su kai wa mambobi, ba naɗi ba. Ko da dukkansu sun yarda, ko da mutumin da suka zaɓa babu kamarsa a garin, zaman ba shi da hurumin.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai akwai gajeriyar hanya da nake roƙonka kada ka bi. Wani zai ce maka ka sake rubuta takardar kawai, ka canza kanta zuwa “babban taro”, ka tara sa hannun mutane a gida-gida, ka sa kwanan watan bara. Wannan ƙirƙirar takardar bogi ce, kuma sunanka ne a ƙasanta. Ranar da rigima ta tashi, mutum ɗaya ya isa ya rantse cewa bai taɓa halartar taron ba, shi ke nan komai ya rushe. Abin yi shi ne a kira babban taro na gaggawa yadda kundinku ya tanada, a rubuta a cikin sanarwar ƙarara cewa za a cike gurbin amintaccen da ya rasu, a ajiye takardar halarta a ƙofa kowa ya rubuta sunansa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ƙirga kafin a fara. A kuma tabbatar wanda za a naɗa ya cika sharuɗɗan sashe na 826: ba ƙaramin yaro ba ne, ba mai taɓin hankali ba ne, ba wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai fita ba ne, kuma ba a same shi da laifin zamba ko rashin gaskiya ba cikin shekara biyar da suka wuce.

A ce, don misali, mambobinku masu rajista 180 ne, kundinku kuma ya ce taro ba ya halatta sai da kashi ɗaya bisa uku, wato mutum 60. Ga yadda abin zai fito a littafi: “Sakatare ya karanta sanarwar taro da aka aika ranar kaza. An ƙirga mambobi 74 bisa takardar halarta da ke haɗe. Shugaba ya bayyana cewa adadi ya cika. Ƙuduri na 3: cewa a naɗa Malam wane, mai adireshi kaza, a matsayin amintacce a gurbin marigayi wane, kuma a ba shugaba da sakatare izinin neman amincewar hukumar CAC. Wane ya gabatar, wance ta mara masa baya. Masu goyon baya 58, masu adawa 11, waɗanda ba su jefa ƙuri'a ba 5. Shugaba ya bayyana cewa ƙudurin ya wuce.” Ka lura da lissafin: 58 da 11 da 5 sun ba da 74. Abu na farko da mai neman kuskure zai yi shi ne ya haɗa alƙaluman nan, ya gwada da takardar halarta. Idan ƙuri'u sun fi mutane yawa, ko wasu sun tafi sallah ba su dawo ba har adadi ya sauka ƙasa da 60 kafin a jefa ƙuri'a, ka rubuta gaskiyar abin da ya faru, ka sanar da shugaba nan take. Ka kuma lura da rabi na biyu na ƙudurin, wanda ya ba da izinin kai takardu. Sakatarori da yawa suna mantawa da shi.

Na san al'adarmu ba ta cika son ƙirga hannu ba. Dattijo ya yi magana, a ce “mun yarda”, a shafa fatiha a tashi. Ba sai an karya wannan ba. Shugaba ya tambaya sau ɗaya ko akwai mai ja, idan babu ka rubuta cewa mambobi 74 da ke wurin sun amince baki ɗaya, babu mai adawa. Lamba dai ta fito.

Sauran abubuwan da ke cikin wannan aji ba su da yawa: zaɓen shugabanni, karɓar rahoton kuɗi na shekara da na mai bincike, amincewa da kasafi, ƙarin kuɗin wata, da gyaran kundi, wanda sashe na 833 ya ce sai da ƙudurin rinjayen mambobi da kuma amincewar hukuma. Duk inda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a minit ɗin shugabanni a matsayin abin da aka gama, to akwai gyara.

Minit ɗin shugabanni, wato na majalisar gudanarwa, wani abu ne daban, kuma a ganina shi ne ya fi wuyar rubutawa. Na babban taro yana nuna cewa mambobi sun so abu. Mambobi ba sai sun faɗi dalili ba, kuɗinsu ne. Su kuwa shugabanni kuɗin wasu suke juyawa, saboda haka rubutunsu dole ya nuna cewa sun yi tunani kafin su yanke. Me aka gabatar musu? Wace takarda suka duba? Waɗanne zaɓuɓɓuka ke gabansu, me ya sa suka ɗauki wannan suka bar wancan? Daga ina suka samo izinin kashe kuɗin? Wa aka ɗora wa aikin, zuwa yaushe? A nan ana rubuta sunan kowane mahalarci da muƙaminsa a jikin minit ɗin, da wanda ya ba da uzuri, da wanda ya zo a makare ko ya fita kafin a tashi, domin mutanen kaɗan ne kuma fitar mutum ɗaya na iya rushe adadi. Baƙon da aka gayyato don ya yi bayani, kamar injiniya ko lauya, a rubuta shi daban a nuna ba ya cikin masu ƙuri'a.

Shi kuma minit ɗin ƙaramin kwamiti takardar aiki ce. A nan ne dalla-dalla ke da wuri: an je ina, an ga me, wa ya ce nawa, me ya rage a bincika. Yana iya fin sauran tsawo, yana iya zama da harshen hira. Amma ƙarshensa kusan kullum “kwamiti ya ba da shawara” ne. Kwamiti ba ya cewa “an amince” sai a kan abin da takardar kafa shi ta ba shi iko a fili, kamar a ce an yarda masa ya kashe har naira dubu hamsin a kan sufuri da gwajin ƙasa ba tare da ya dawo neman izini ba. Saboda haka shafin farko na littafin kowane kwamiti ya kamata ya ɗauki kwafin ƙudurin da ya kafa shi: su wane ne mambobi, mene ne aikinsu, nawa za su iya kashewa, wa za su kai wa rahoto, yaushe aikinsu zai ƙare. Kwamitin da ba shi da wannan shafi, bayan wata shida za ka tarar ya zama gwamnati mai zaman kanta.

Mu bi rijiyarku daga farko zuwa ƙarshe da alƙaluman misali, ka ga yadda abu ɗaya ke fitowa a littattafai uku. A ce kundinku ya ce majalisa ba za ta kashe sama da naira miliyan 2 a kan aiki ɗaya ba sai da yardar babban taro. Rijiyar kuwa za ta wuce haka. To farkon zaren yana wurin mambobi, kuma layi biyu ya ishe shi: “Ƙuduri na 5: cewa a haƙa rijiyar burtsatse a unguwar kaza, a ba majalisar gudanarwa izinin kashe abin da bai wuce naira miliyan 3.5 ba daga asusun ayyuka.” Sai ƙuri'u. Babu sunan ɗan kwangila, domin ba aikin taron mutum saba'in ba ne tantance injin haƙa.

Majalisa ta zauna, ta ambaci ƙuduri na 5 a matsayin madogararta, ta kafa kwamitin ruwa na mutum biyar, ta ce ya nemo farashi daga ’yan kwangila uku ya kawo rahoto cikin mako huɗu. Kwamitin ya yi zamansa, kuma a littafinsa ne za a ga cewa na farko ya ce miliyan 3.1 amma babu gwajin ƙasa a ciki kuma famfon hannu zai sa, na biyu ya ce miliyan 3.4 da gwajin ƙasa da famfo mai aiki da hasken rana da tanki, na uku ya ce miliyan 3.9, wanda ya zarce abin da mambobi suka yarda. A nan ne za a rubuta cewa mutum biyu sun je sun ga rijiyar da na biyun ya haƙa a wani gari, sun tarar tana ba da ruwa har a bazara. A nan ne kuma za a rubuta cewa mutum ɗaya a kwamitin ya fi son na farko saboda sauƙi. Sannan a rufe: “Kwamiti, da rinjayen huɗu a kan ɗaya, yana ba majalisa shawarar a ba ɗan kwangila na biyu aikin a kan naira miliyan 3.4.” Har zuwa nan babu kwangila. Babu wanda ya isa ya kira mai injin ya ce masa ya shigo gari.

Rahoton ya iso majalisa. A ce ’yan majalisa 11 ne, zama na halatta da 6, ranar kuma 9 suka zo. Sai ya zamana ɗan kwangila na biyu ƙanin mataimakin shugaba ne, abin da ba baƙo ba ne a gari irin namu inda kowa ɗan'uwan kowa ne. Wannan ba ya hana a ba shi aikin idan ya cancanta, amma littafi dole ya nuna yadda aka yi da dangantakar: “Mataimakin shugaba ya bayyana cewa ɗan kwangila na biyu ƙaninsa ne, ya fita daga ɗaki kafin tattaunawa. Mutum 8 suka rage, adadi bai karye ba. Majalisa ta duba rahoton kwamitin ruwa da takardun farashi uku da ke haɗe. Bisa ikon ƙuduri na 5 na babban taro, ta amince da ba ɗan kwangila na biyu aikin a kan naira miliyan 3.4, saboda farashinsa ya haɗa da gwajin ƙasa da famfo kuma yana cikin kasafi. Za a biya kashi 40 a farko, sauran bayan an ga ruwa. Ƙuri'a 6 a kan 2. An ɗora wa sakatare rubuta yarjejeniya, ma'aji kuma biya bayan an sa mata hannu.” Idan ɗaya daga cikin masu adawa biyun ya ce a rubuta sunansa, ka rubuta, haƙƙinsa ne, domin wata rana wannan layin ne zai wanke shi. Idan bai nema ba, lamba ta wadatar. Ba na goyon bayan rubuta “wane ya ce, wane ya mayar masa” a minit ɗin majalisa. Abin da hakan ke haifarwa shi ne mutane su daina faɗin gaskiya a zama, su koma faɗinta a majalisar dare.

Zaren zai koma inda ya fito a babban taro na gaba, inda ma'aji zai nuna an kashe miliyan 3.4 daga cikin 3.5, mambobi su karɓi rahoton. Yanzu ka ɗauki littafinka ka bi shi baya-baya. Ka fara da takardar biyan kuɗi ko wasiƙar ba da aiki, ka tambayi kanka wane zama ne ya ba da izninta. Ka je wannan zaman ka tambayi daga ina shi kuma ya samo nasa. Inda ka tsaya ba ka sami amsa ba, nan zaren ya tsinke. Daga yadda ka ba da labari, naku ya tsinke ne tsakanin kwamitin ruwa da majalisa. Idan ba a fara aiki ba, a dakata, a kai rahoton gaban majalisa ta yanke. Idan an riga an fara, majalisa tana iya zama yau ta duba abin da aka yi, ta tabbatar da shi da kwanan watan yau, ta rubuta a fili cewa kwamiti ya wuce huruminsa, muddin kuɗin yana cikin abin da ita kanta take da ikon kashewa. Idan ya zarce, sai babban taro. Majalisa ba za ta iya halatta wa wani abin da ita ma bai halatta gare ta ba.

Sai batun wa ke da damar karantawa, wanda shi kaɗai ya isa ya sa ka raba littafin nan naka. Minit ɗin babban taro na mambobi ne, duk mamban da ya nema a nuna masa. Ga ƙungiyoyin da suka yi rajista a matsayin kamfani maras rabon riba, dokar ma ta faɗa ƙarara: sashe na 266 ya wajabta ajiye minit na babban taro da na daraktoci, sashe na 267 kuma ya ba mamba damar duba na babban taro kyauta. Ku da kuke ƙarƙashin amintattu kundinku za ku duba, amma hikimar ɗaya ce. Minit ɗin majalisa kuwa yana ɗauke da abin da bai kamata ya zaga gari ba: wa ake bi bashin kuɗin wata, wace bazawara ce ta nemi taimakon kuɗin asibiti, wane ma'aikaci aka ja wa kunne, me lauya ya ce game da shari'ar fili. Na kwamitin ladabtarwa ko na tallafi ya fi haka ma. Da littafi ɗaya, ranar da mamba ya zo duba sakamakon zaɓe, ka miƙa masa asirin mutane ke nan gaba ɗaya. Ka sayi littattafai masu ɗinki, ba masu zare takarda ba, ka sa wa shafuka lamba: ɗaya na babban taro, ɗaya na majalisa, kowane kwamiti da nasa. Idan da kwamfuta kake rubutawa, ka buga, a sa hannu a kowane shafi, a liƙa a littafin. Banki ko hukuma idan suka nemi shaida, ba littafin ake kai musu ba. Ana cire ƙudurin da ya shafe su kaɗai a takarda mai kan ƙungiya, da kwanan wata da adadin mahalarta, shugaba da sakatare su sa hannu cewa kwafi ne na gaskiya.

Kowane zama shi ke tabbatar da nasa minit. Kwamiti ya gyara nasa, shugaban kwamiti ya sa hannu. Majalisa ba ta gyara minit ɗin kwamiti, karɓar rahotonsa take yi, ta ɗauka ko ta ƙi. Haka babban taro ba ya zama ya karanta minit ɗin majalisa, rahoton shugaba da na ma'aji yake saurare. Matsalar tana ga babban taron shekara, domin kafin a sake haɗuwa a karanta an yi wata goma sha biyu, kowa ya manta, wasu ma sun rasu. Shawarata ka rubuta shi cikin mako biyu, ka kai wa majalisa a zamanta na gaba ta duba ko ya dace da abin da ya faru, wanda ya shugabanci taron ya sa hannu, sannan a gabatar wa mambobi idan shekara ta zagayo. Ƙudurin yana aiki ne daga ranar da aka zartar da shi, ba ya jiran ranar karatu. Kuma gyaran minit gyaran kuskuren rubutu ne kawai, kamar an ce 58 ka rubuta 85. Wanda ya canza ra'ayi bayan taro ba zai shigo ta ƙofar gyara ba, sai ya kawo sabon ƙuduri. Idan an yi gyara, a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, shugaba ya sa hannu. Kada a goge, kada a yage shafi.

Abu na ƙarshe, tunda na tabbata kuna da zauren WhatsApp na shugabanni. Abin da aka yanke a can da “na yarda” da hoton babban yatsa ba zama ba ne, sai idan kundinku ya yarda da yanke hukunci ta wannan hanya. Idan gaggawa ta sa an yi, ka kawo shi zaman majalisa na gaba a matsayin batu mai zaman kansa, a faɗi abin da aka yi da ranar da aka yi shi da dalilin gaggawar, a tabbatar da shi da ƙuri'a, ya shiga littafi da lambarsa. Maye gurbin amintacce kuwa, ko mutum ɗari da tamanin ɗin duka sun tura babban yatsa, sai kun kira taron nan, kun haɗa shaidar rasuwar marigayin da takardar halarta da ƙudurin, sannan ka koma wurin lauya.